Babi na Uku: Yadda Ake Sake Tsara Hanyoyin Bincike Har Wani Ya Iya Maimaita Aikin

A shekarar 2014 mujallar Cell Reports ta buga labarin wasu ɗakunan gwaje-gwaje biyu na ƙasar Amurka, ɗaya a Berkeley ƙarƙashin Mina Bissell, ɗaya a Boston ƙarƙashin Kornelia Polyak. Aikin haɗin gwiwa suke yi a kan ƙwayoyin halittar da ke cikin tsokar nonon ɗan Adam, kuma a takarda hanyarsu ɗaya ce. Amma duk lokacin da suka rarrabe ƙwayoyin suka auna, sai sakamakon Boston ya sha bamban da na Berkeley. Sun kwashe fiye da shekara guda suna bin diddigi, suna duba na'urori da sinadarai ɗaya bayan ɗaya, ba su gano komai ba. Daga ƙarshe sai masu aikin suka haɗu a ɗaki ɗaya, suka raba tsoka guda gida biyu, kowa ya yi nasa a gaban ɗan'uwansa. Nan ne asiri ya tonu. Kafin a auna ƙwayoyin, sai an jiƙa tsokar a wani sinadari da ke warware su daga juna. Mutanen Boston suna motsa haɗin da ƙarfi, juyi 300 zuwa 500 a minti, na awa 6 zuwa 8. Mutanen Berkeley kuwa suna girgiza shi a hankali, juyi 80 a minti, na awa 18 zuwa 24. Ba wanda ya ɓoye wa wani komai. Kowanensu ya saba da tasa hanyar har ta zama jiki, bai ga dalilin ambatarta ba.

A nan cutar sashen hanyoyin bincike take, wato sashen da ɗalibanmu na jami'a suka fi sani da babi na uku. Abin da mai bincike ya sha wahala a kansa yakan rubuta shi dalla-dalla. Abin da hannunsa ya saba yi kullum shi ne yake zubewa daga takarda, kuma sau da yawa shi ne ke sauya sakamako. Don haka gyaran wannan sashe ya wuce ƙara shafuka. Sai an wargaza shi an sake jera shi domin mutum guda: baƙon da ya san fannin, amma bai taɓa shiga ɗakinka ba, ba shi kuma da halin tambayarka.

Matsalar ba ta ɗalibai kaɗai ba ce. A shekarar 2013 aka fara wani babban aiki na maimaita gwaje-gwaje 193 daga fitattun maƙaloli 53 na binciken cutar daji, aka kuma wallafa sakamakonsa a mujallar eLife a 2021. A cikin gwaje-gwajen 193 ba a sami ko ɗaya da bayaninsa ya isa a tsara maimaicinsa ba tare da an koma wa marubutan da tambaya ba. A ƙarshe gwaje-gwaje 50 kawai daga maƙaloli 23 aka iya kammalawa.

Sakin layi guda, ramuka da yawa

Bari mu ɗauki misali daga irin binciken da ake yawan yi a tsangayoyin aikin gona da nazarin halittu: ko garin ganyen darbejiya yana kare wake daga ƙwaron da ke huda shi a rumbu. Alkaluman da za su biyo baya na misali ne, an ajiye su domin a ga yadda gyaran yake. Ga irin rubutun da aka saba gani:

"An samo wake a kasuwa aka tsabtace shi. An busar da ganyen darbejiya aka daka. An zuba garin a cikin waken a matakai daban-daban, aka sa ƙwari, aka ajiye a yanayin ɗaki. An ƙirga waɗanda suka mutu da waɗanda suka fito. An nazarci alkaluma da kwamfuta."

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Wanda ya yi aikin zai karanta ya ga komai ya cika, domin ƙwaƙwalwarsa tana cike masa gibin. Amma ka ba mutum goma wannan sakin layi, za su yi maka gwaji goma mabambanta. Kamar ɗan gari ne yake kwatanta wa baƙo hanya ya ce masa, "In ka zo wajen kukar nan da aka sare, sai ka sha kwana." Kwatancen daidai ne, sai dai wanda ya san garin tun kafin a sare kukar kaɗai yake yi wa amfani.

A fara da jeren kwanaki

Mai gyara ya fara ajiye tsohon rubutun gefe. Ya ɗauko littafin da ya riƙa rubuta aikin yau da kullum, ya fitar da duk abin da aka yi bisa jeren kwanakin da aka yi shi, layi ɗaya aiki ɗaya. Dalili shi ne yawancin mutane suna rubuta wannan babi ne bayan sun ga sakamako, sai su jera shi bisa abin da ya fi burge su, ko bisa jeren jadawalan da ke babi na huɗu. Mai maimaitawa kuwa da hannu zai bi aikin, saboda haka yana bukatar sanin abin da zai fara tanada.

A misalinmu, da zarar an jera kwanaki sai wani abu ya bayyana. Aikin bai fara daga wake ko ganye ba, daga kiwon ƙwari ya fara. Ƙwaron wake, wanda sunansa na kimiyya shi ne Callosobruchus maculatus, yana ɗaukar kimanin mako uku zuwa huɗu daga ƙwai zuwa babba idan akwai ɗumi. Baligin ba ya daɗewa a duniya, mako ɗaya ne zuwa biyu, kuma macen takan zuba mafi yawan ƙwanta a kwanakin farko. Wanda ya zuba ƙwarin da suka kwana shida da fitowa zai ga suna mutuwa da yawa ko babu darbejiya, ya kuma ga ƙwai kaɗan. Wanda ya zuba 'yan kwana ɗaya zai ga wani abu dabam. Ke nan dole a fara kiwo wajen wata guda kafin ranar gwaji, a tankaɗe duk manyan da ke cikin tulun kiwon ana gobe za a fara, domin duk wanda aka samu washegari a san bai wuce awa 24 da fitowa ba. Tsohon sakin layin ya dunƙule wannan aiki na wata guda cikin kalmomi uku: "aka sa ƙwari".

Bayan an jera, sai a raba babin gida-gida bisa wannan jere: wuri da lokaci, tsarin gwajin a dunƙule, kayan aiki da yadda aka shirya kowanne, matakan ranar gwaji, yadda aka auna, sannan yadda aka sarrafa alkaluma. Tsarin gwajin ya kamata ya zo da wuri, cikin jimla biyu ko uku, domin mai karatu ya riƙe siffar aikin kafin ya shiga ƙananan bayanai. A nan zai zama: matakai huɗu na gari, wato babu ko kaɗan, rabin giram, giram 1 da giram 2 a cikin giram 20 na wake, kowane mataki kwalba huɗu, jimilla kwalba 16, kowace kwalba ƙwari 10, mata biyar maza biyar. Daga wannan kaɗai baƙo ya san zai nemi ƙwari 160 masu kwana ɗaya a rana guda, ya kuma san girman kiwon da zai yi.

A tsare kowane aikatau da tambaya

Yanzu sai a koma kan jeren, a tsaya a kan kowace kalmar aiki a tambaye ta: da me, nawa, tsawon wane lokaci, a wane yanayi?

"An samo wake." Wane iri? Wake ba ɗaya ba ne a wajen ƙwaro. Akwai mai santsin fata da mai kaushi, akwai irin da tsutsar ke girma cikinsa da sauƙi da wanda take wahala. Kanannado dabam, Ɗan'ila dabam, ingantattun irin da cibiyoyin bincike ke fitarwa su ma dabam. Waken kasuwa kuma yana iya zama gauraye, yana iya kasancewa an riga an sa masa maganin ƙwari a sito. In haka ta faru, ƙwarin za su mutu a duk kwalaben, a ɗora wa darbejiya aikin da ba ita ta yi ba. Sai a rubuta sunan irin, inda aka samo shi, shekarar girbinsa, da yadda aka tabbatar ba a sa masa magani ba.

"Aka tsabtace shi." Tsince tsakuwa da ruɓaɓɓe tsabtacewa ce, amma ba ta kashe tsutsar da ta riga ta shige cikin ƙwayar tun daga gona. Hanyar da aka saba bi ita ce a daskarar da waken a firiza na kwanaki, sannan a fito da shi a bar shi ya koma yanayin ɗaki kafin a yi amfani da shi. A faɗi sanyin firizar da adadin kwanakin. In an ɗauke wuta a tsakani, a faɗa, a kuma faɗi abin da aka yi a kai. Wanda ya tsallake wannan mataki zai ga manyan ƙwari suna fitowa tun a mako na farko ko na biyu, alhali ƙwan da aka zuba a gwajin bai isa fitar da babba ba tukuna. Wannan fitowa ta wuri ita ce alamar cewa waken ya zo da nasa baƙin.

"An busar da ganye aka daka." A rana ko a inuwa? Sinadarin darbejiya da aka fi sani da aiki a kan ƙwari hasken rana yana lalata shi, kuma ya fi yawa a ƙwallon 'ya'yan fiye da ganye. Ganyen da aka shanya a rana da wanda aka shanya a inuwa ba su zama abu ɗaya ba. Haka garin da aka tankaɗe a rariya mai ido rabin milimita ya fi manne wa wake fiye da dakakken ganyen da ba a tankaɗe ba. A rubuta watan da aka tsinko ganyen, ko ɗanye ne sharaf ko wanda ya zubo, kwanakin shanya, girman idon rariya, da kwanakin da garin ya yi a ajiye kafin ranar gwaji.

"A yanayin ɗaki." Wannan ce kalmar da ta fi yaudara a yankinmu. Ɗaki a Kano ko Maradi a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, ba shi ne ɗakin watan Janairu na hunturu ba, kuma laimar iskar Agusta ba ta buɗin hunturu ba ce. Ƙwaron yana saurin girma a ɗumi, yana jinkiri a sanyi. Wanda ya daina ƙirga a kwana na 30 cikin bazara ya kama kusan duk masu fitowa. Wanda ya daina a kwana na 30 cikin hunturu yana iya rufe littafi ƙwari ba su gama fitowa ba, ya ɗauka magani ne ya hana su. Gyaran ba ya bukatar tsadadden kaya: ma'aunin zafi da laima a kan kantar da kwalaben suke, a karanta shi safe da yamma, a ba da mafi ƙanƙanta da mafi girma da matsakaici.

Bayan wannan tankaɗe da rairaya, ranar gwaji za ta koma kamar haka:

"An auna giram 20 na waken da aka shirya a cikin kowace kwalbar gilashi mai cin mililita 250. An zuba garin da ya dace da lambar kwalbar, aka rufe, aka girgiza da hannu na minti biyu. An saka mata biyar da maza biyar waɗanda ba su wuce awa 24 da fitowa ba, da burushi mai laushi. An rufe bakin kwalbar da yadi mai shara-shara aka ɗaure da roba. An gama duk kwalaben 16 tsakanin ƙarfe 9 da 11 na safiyar rana ɗaya."

Kowace jimla aiki ɗaya take ɗauke da shi, kuma jimlolin suna bin juna yadda hannu ya bi aikin.

Hukunce-hukuncen da ba a gani

Akwai rukunin bayanai da ko mai kula sosai yakan manta, domin ba kaya ba ne, ba kuma awo ba. Hukunce-hukunce ne da mai bincike ya yanke a zuciyarsa yana tsaka da aiki.

Na farko, yaushe ne ƙwaro ya mutu? Wannan ƙwaro yakan yi lamɓo, ya naɗe ƙafafu kamar matacce idan an taɓa shi. Wani zai ƙirga duk wanda ya gani a kwance, wani zai jira. Dole a rubuta ƙa'ida, misali cewa an ɗauki ƙwaro a matsayin matacce idan an taɓa shi da burushi aka jira minti ɗaya bai motsa ƙafa ko ƙahon shinshina ba. A kuma faɗi ko ana cire matattun bayan kowace ƙirga, da ranar da aka kwashe sauran masu rai. Haka sababbin da ke fitowa: in ba a cire su kullum ba za su yi barbara su zuba sabon ƙwai, ƙirgar ta rikice.

Na biyu, wa ya zaɓi kwalbar da za ta karɓi kowane mataki, kuma ina aka ajiye ta? In an jera masu gari da yawa kusa da taga, marasa gari a lungu, ba a san ko gari ne ya yi aiki ko zafin taga ba. Cewa "an rarraba su ba tare da zaɓi ba" bai isa ba. A faɗi yadda aka yi: an rubuta lamba 1 zuwa 16 a takardu, aka naɗe, aka ja ƙuri'a. A kuma faɗi ko mai ƙirgar ya san abin da ke cikin kowace kwalba, domin ido yakan ga abin da zuciya ke fata.

Na uku, me aka yi da abin da ya ɓaci? In yadin kwalba ta 11 ya yage ƙwari uku suka gudu, an cire kwalbar daga lissafi ne, an maye gurbinta, ko an ci gaba da bakwai? Wannan ma hanya ce, kuma wurinta babi na uku. Babin rahoto ne na abin da aka yi, ba kwafin abin da aka yi niyyar yi tun a takardar neman amincewa ba.

Daga littafin ƙirga zuwa jadawali

"An nazarci alkaluma da kwamfuta" shi ne rami na ƙarshe. A irin wannan gwaji ana gyara adadin mutuwa, domin wasu ƙwarin za su mutu ko ba magani. Lissafin da aka saba amfani da shi na W. S. Abbott ne, tun 1925:

```
P = (T - C) / (100 - C) × 100
```

T shi ne kason da ya mutu a kwalaben da aka sa wa gari, C kuma kason da ya mutu a waɗanda ba a sa wa ba. A ce 22 cikin 40 sun mutu a matakin giram 2, wato kashi 55 cikin 100, kuma 4 cikin 40 sun mutu a marasa gari, wato kashi 10. Sai a ɗebe 10 daga 55 a sami 45, a raba da 90, a ninka da 100, a sami kashi 50. Marubucin da ya buga 50 bai ce ya yi gyara ba, da mai maimaitawar da ya sami 55 bai yi gyara ba, za su zaci sun saɓa alhali abu ɗaya suka gani.

Sai kuma a fayyace abin da aka ɗauka a matsayin maimaici. Ƙwari goma da ke kwalba ɗaya iska ɗaya suke shaƙa, gari ɗaya suke taka, don haka kwalbar ce ake lissafawa: maimaici huɗu ne a kowane mataki, ba 40 ba. Wanda ya shigar da 40 zai sami tabbacin da gwajin bai ba shi ba. A rubuta sunan manhajar da aka yi amfani da ita da lambar fitowarta, irin gwajin lissafin, da duk wani sauyi da aka yi wa alkaluman kafin a shigar da su. Akwai hanya mai sauƙi ta binciken kai a nan: a ɗauki kowane jadawali na babi na huɗu a nemo sakin layin da ya haife shi a babi na uku. Jadawalin da ba shi da uwa, an manta wata hanya. Sakin layin da ba shi da ɗa, ko dai an manta sakamako ko kuma bai kamata ya zauna ba.

Abin da za a bari, da wanda zai yi shaida

Ba kowane abu ne ya cancanci shiga ba. Launin robar da aka ɗaure yadi da ita ba ya sauya komai. Ma'aunin shi ne: in wani ya yi wannan abu ta wata hanya, sakamako zai iya motsi? In zai iya, a rubuta. In ana shakka, a rubuta, domin mutanen Boston da Berkeley ma ba su zaci saurin juyi zai yi tasiri ba. Inda aka bi sananniyar hanyar da wani ya wallafa, ambaton ta ya wadatar, da sharaɗin mai bincike ya buɗe maƙalar ya tabbatar matakan suna ciki, ba wata maƙalar ta tura shi ba, sannan ya faɗi duk inda ya kauce mata. Ƙarancin wuri ma ya ragu a matsayin uzuri. Mujallar Nature ta cire iyakar tsawon sashen hanyoyi a 2013, kundin digiri kuwa yana da rataye inda za a zuba cikakken jeren matakai da fom ɗin ƙirga.

Marubuci ba zai iya yi wa kansa shaida ba, domin ya san abin da yake nufi. Masana haɗa sinadarai sun daɗe da gane haka. Tun 1921 mujallar Organic Syntheses take bin ƙa'idar cewa ba ta buga wata hanya sai an maimaita ta a ɗakin gwajin ɗaya daga cikin editocinta an ga ta yi aiki. Ɗalibi ba shi da irin waɗannan editoci, amma yana da abokin karatu da ba ya cikin aikin. Ya ba shi babin da kwalba da wake da sikeli, ya ce ya bi rubutun, shi kuma ya zauna gefe da biro, ya kame bakinsa. Duk inda abokin ya ɗago kai zai yi tambaya, a yi alama. Inda bai tambaya ba amma ya yi wani abu dabam da abin da aka yi, a yi alama biyu, domin wannan ne gibin da ya fi haɗari: mai karatu bai ma san ya kauce ba. A gyara, a sake ba wani sabo.

Cikakken babi na uku ba ya ba da tabbacin cewa mai maimaitawa zai sami kashi 50 daidai. Ƙwarin Zariya da na Damagaram suna iya bambanta, darbejiyar wannan gari da ta wancan ma haka. Ba ya kuma mayar da gurguwar dabara ta zama ingantacciya, sai dai ya fito da gurguncin fili inda za a iya gyara shi. Abin da yake bayarwa shi ne, idan sakamako biyu suka saɓa, za a iya ajiye hanyoyin biyu gefe da gefe a nuna layin da suka rabu. In kuma ba su rabu a ko'ina ba, to bambancin daga ƙwaron ne ko daga itacen, kuma wannan sabon ilimi ne da manomi da ɗan kasuwar hatsi za su amfana da shi.